Ɗaura fankar sama a ɗakin Inna: yadda aikin ya gudana

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

Fanka ta iso gida. Mai inci 56 ce, fiffike uku na ƙarfe, an rubuta 75W a jikin kwalinta, kuma ta zo da regileta a ciki. Kafin komai sai da na ɗora ta a sikelin awon kaya, kai da sanda da fiffike gaba ɗaya: kilo 6 da rabi. Na rubuta wannan lamba a bango da fensir, domin duk lissafin ƙugiya a kanta zai tsaya.

Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, rufin kwano, silin na roba. Daga daɓe zuwa silin santimita 290. A tsakiyar silin akwai tsohuwar ƙugiya da aka bari tun lokacin gini, irin mai bakin sukuru da ake murɗawa cikin katako, ga wayoyi sun leƙo kusa da ita an naɗe bakinsu da baƙin tef. Ƙanena ya ce tunda ga ƙugiya ga waya, aikin rabin awa ne. Na hau tsani na kama ƙugiyar na girgiza. Ba ta fita ba, amma silin ɗin da ke kewaye da ita yana lotsawa yana bin hannuna. Ƙarƙashin wurin nan kuwa daidai gadon Inna ne. Fanka ta koma kwali tukuna.

Litinin, 15 ga Afrilu

Kafinta ya zo bayan sallar asuba, domin a wannan wata idan rana ta ɗaga ba mai iya zama tsakanin kwano da silin. Ya zare fallen silin biyu daga gefen bango, muka leƙa da tocila.

Abin da ke sama kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne dukkan maganar. Akwai manyan katakai, tu-bai-fo, da suka ratsa ɗakin daga bango zuwa bango suna ɗaure ƙafafun rufin. Tsakanin kowane da na kusa da shi santimita 120. A ƙarƙashinsu kuma akwai sirara, tu-bai-tu na farin katako, da aka buga kamar raga don su riƙe fallen silin. Waɗannan sirara ba a yi su don ɗaukar kaya ba, kuma ƙusa ce kawai ke riƙe da su daga ƙasa, wato nauyi yana jan ƙusar ta inda ta shiga. Tsohuwar ƙugiya a cikin ɗaya daga cikinsu take, abin da ya shiga itacen bai kai santimita 3 ba, har katakon ya ɗan tsage a gefen ramin.

Kafinta ya ce, "Yallaɓai, wannan ko labule aka ce ta riƙe sai an yi mata addu'a."

Na so in ga iyakarta da idona kafin a cire ta. Muka janye gado, muka ɗaura igiya a ƙugiyar, muka rataye jarka ta yi kusa da ƙasa, ƙanena yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwa bai kai rabin jarka ba muka ji ƙusa tana kuka, silin ya sauko har ido na gani. Muka tsaya a nan. Wato da an rataya fankar ranar Asabar da ta zauna lafiya lau, tunda kilo 6 da rabi bai kai nan ba, kuma abin da ke yaudarar mutane ke nan. Fanka ba kayan ajiya ba ce. Duk kunnawa sai ta fizgi ƙugiya ta murɗa ta, idan kuma fiffike ɗaya ya ɗan fi 'yan uwansa nauyi, za ta riƙa jijjiga wurin sau ɗaruruwa a minti, dare da rana, tsawon bazara. Ramin sukuru a farin katako yana faɗaɗa a hankali, babu alama, sai ranar da ya saki.

Kafin mu sauko kafinta ya bi manyan katakan biyu na tsakiya yana caccaka su da sukurudireba yana ƙwanƙwasawa da guduma. Gara takan cinye cikin katako ta bar bayansa sumul, don haka duba da ido bai isa ba. Inda ta ci, ƙarfe yana nutsewa kuma sautin fanko ne, sau da yawa da jan ƙasa a liƙe a jiki. Namu biyun sun yi tauri, alhamdu lillahi.

Talata, 16 ga Afrilu

Shawarar da muka tsayar: gada za a yi. Katako mai kauri zai hau kan manyan katakan biyu, ya kwanta a bisansu, ƙugiya ta ratsa shi ta fito sama a ɗaure ta da noti. Da haka nauyi yana danna katako a kan katako, ba ƙusa ko zaren sukuru ke riƙe da shi ba. Kafin fanka ta faɗo sai dai gadar ta karye ko noti ya ratsa itace.

Na je 'yan katako na Na'ibawa na yanko tiri-bai-fo na jan katako, tsawon santimita 150, domin ya wuce kowane gefe da santimita 15. Na zaɓi busasshe wanda babu ƙulli a tsakiyarsa, inda za a huda. Tu-bai-fo ma zai ɗauki fanka, amma idan aka tsayar da shi a gefensa faɗinsa santimita 5 ne kacal, hujin milimita 10 zai cinye kashi ɗaya cikin biyar na naman. Bambancin kuɗin bai kai a yi ciniki a kai ba.

Daga nan Ƙofar Ruwa, neman ƙarfe. Rodi mai santsi na milimita 10 na saya, ba mai gargada na zubin kankare ba, domin mai santsi shi ke karɓar zare da kyau kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Tsawon ya buƙaci lissafi: kaurin gada santimita 10, na babban katako 10, na tu-bai-tu da silin 6, abin da zai leƙo cikin ɗaki 6, sai 5 a sama na washa da noti. Jimla 37, ban da abin da lanƙwasa za ta ci. Na sa aka yanka 55.

Na gaya wa maƙerin ƙarfen abu biyu. Na farko, ƙugiyar ta zama ƙarfe guda daga sama har ƙasa, kada a yi waldar zobe a bakin sanda. Walda mai kyau tana riƙewa, amma ni ba ni da hanyar sanin mai kyau ce ko ta sama-sama, kuma jijjiga a bakin walda take fara tsaga ƙarfe. Na biyu, a lanƙwasa bakin ya kusa rufewa. Ya ce to ta ina fanka za ta shiga? Na nuna masa kan sandar: ƙarafa biyu ne da ƙusa mai noti ta ratsa su, da robar nan mai kauri a tsakiya. Kwance ƙusar ake yi, a sa robar cikin ƙugiya, a mayar. Ba a buƙatar buɗaɗɗen baki, kuma buɗaɗɗen baki shi ke barin fanka ta yi tsalle ta fita idan wani abu ya doki fiffike tana gudu. Mun gwada robar a ciki kafin in biya shi, ta zauna daram.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An ɗora gada. Kafinta ya shafe ta da maganin gara, ya tsayar da ita a gefenta, inci 4 ɗin ya zama tsayinta, domin katako ya fi ƙin lanƙwasa a haka fiye da a kwance. Ya buga ƙusa mai inci 4 a karkace a kowane gefe. Aikin ƙusoshin nan hana gadar zamewa ne kawai.

Wurin huji mun same shi daga ƙasa: igiya biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, inda suka gicciye nan ne tsakiyar ɗaki. A sama aka sa babban washa mai faɗi, sai washa mai tsaga, sai noti biyu. Na farko aka ɗaure da sifana mai lamba 17, aka riƙe shi, aka matse na biyu a kansa. Ƙaramin washa yana nutsewa cikin itace da tafiyar lokaci, shi ya sa na nace sai mai faɗi.

Wani abu ya fito da ban yi tsammani ba sai da ƙarfen ya rataya. Tsakanin gada da silin akwai kusan santimita 16 da rodin ke tafiya shi kaɗai, idan ka tura bakin ƙugiya da yatsa sai ya yi lilo yana gogar robar silin. Kafinta ya huda guntun katako, ya zura rodin ta ciki, ya buga shi a kan tu-bai-tu biyu dab da silin. Wannan guntu ba ya ɗaukar ko giram ɗaya, riƙe ƙugun rodin kawai yake yi. Lilo ya tsaya.

Maƙwabcina da ya leƙo ya tambaya yadda zai yi a gidansa mai dekin. Can maganar dabam ce. Wanda ya yi dabara tun farko, lanƙwasasshen rodi ake ɗaurewa a jikin ƙarafan dekin kafin a zuba kankare. Idan an manta, sai faranti na ƙarfe mai ƙugiya da ƙusoshin kankare masu buɗewa a cikin rami, su shiga kankaren kansa, ba filasta ba. Filogin roba irin na rataye hoto ba ya cikin lissafi. Wanda kuma ya yi silin na fi'ofi a ƙarƙashin dekin, ƙugiya ta wuce shi ta kama dekin.

Asabar, 20 ga Afrilu

Gwajin nauyi. Ƙa'idar da nake bi ita ce ninki huɗu: abin da zai riƙe fanka ya ɗauki nauyinta sau huɗu bai motsa ba. Kilo 6 da rabi sau 4 ya ba da 26. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 a cike, da nauyin jarkar kanta, ta kai wurin.

Na auna daga ƙasan ƙugiya zuwa daɓe, santimita 284, na yi alama a daɓen don in riƙa aunawa a wuri ɗaya. Igiya mai ƙarfi, jarka tana reto da tazarar tafin hannu daga ƙasa, yadda ko ta faɗi ba abin da za ta fasa. Aka riƙa zuba ruwa da buta, ni a ƙasa da tef ɗin awo, kafinta a sama da tocila yana kallon washa da bakin gadar biyu. Babu kuka, babu ƙura da ta zubo. Da jarka ta cika awo bai sauya ba yadda tef zai nuna.

Sai na tura jarkar ta yi reto, na murɗa ta hagu da dama, na ɗan ɗaga ta na saki don ta fizga. Wannan ya fi kama da rayuwar da ƙugiya za ta yi fiye da nauyi a tsaye. Aka bar ta rataye har gobe, aka rufe ɗakin saboda yara.

Ƙanena ya ce me ya sa ba zai kama ƙugiyar ya yi lilo ba kawai, ai ya fi jarka nauyi. Na san masu aiki da yawa haka suke gwadawa. Idan ta riƙe, ka san ta riƙe na daƙiƙa biyar. Idan ta saki, kai ne a ƙasa da tsani a kanka. Jarka kuwa tana kwana, kuma ana iya auna abin da ta yi.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Da safe har yanzu 284. A sama washa ya ɗan zauna cikin itace kamar kaurin farce, noti na ƙasa ya karɓi kusan kwatan zagaye. An sake matse su biyun. Jarka ta sauka.

Talata, 23 ga Afrilu

Ranar waya. Wayarin na gida ba baƙona ba ne, amma na kira mai wayarin na unguwa don yana da mita, kuma ido biyu ya fi ɗaya.

Kafin a kashe komai ya gwada wayoyin da ke silin, makunnin bango a kashe. Testa ta kama wuta a jar waya. Testa takan yi ɗan haske na ƙarya idan wayoyi sun yi doguwar tafiya a bututu ɗaya, don haka ya sa mita tsakanin jar da wayar ƙasa: sama da bolt 200. Da ya buɗe akwatin bango sai ga dalili. Wanda ya yi aikin farko baƙar waya, nutural, ya bi da ita ta makunni, jar mai wuta kuma ta wuce kai tsaye zuwa silin. Fanka za ta yi aiki a haka, ta kunnu ta mutu, ba wanda zai sani. Amma duk wanda ya kashe makunni ya hau share fiffike ko canza kafasita, ɗan abin nan da ke taimaka wa fanka tashi, wuta na nan a kan fankar tana jiransa.

Aka kashe bireka, aka kashe inbata, aka mai da cenji-oba tsakiya, domin gidan da ke da hanyar wuta fiye da ɗaya kashe guda bai isa ba. Aka sake gwadawa, mita ta nuna sifili, sannan aka taɓa.

Tsarin da aka mayar shi ne wannan. Mai wuta ta fito daga bireka ta shiga makunni, daga makunni ta shiga ƙafa ɗaya ta regileta, ta fita ta ɗaya ƙafar ta hau zuwa fanka. Nutural ta tafi fanka kai tsaye, ba ta taɓa makunni ko regileta. Wayar ƙasa, kore, ta kama sukurun da ke jikin sanda. A sababbin wayoyi mai wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, ta ƙasa kore da rawaya, amma bayan abin da muka gani yau ba na yarda da launi sai mita ta shaida.

Regileta ƙafa biyu gare ta, kuma nan masu koyo ke faɗawa. Suna ganin ƙafa biyu sai su ba ɗaya mai wuta, ɗaya nutural, kamar ƙwan fitila. Ita kuwa a kan hanya take zama, wuta ta ratsa ta ta wuce zuwa fanka. Idan aka haɗa ta tsakanin mai wuta da nutural, ana murɗa ta zuwa lamba ta ƙarshe an haɗa wayoyin biyu baki da baki, sai tartsatsi da faɗuwar bireka.

Kaurin waya ba matsala ba ne. Wat 75 a bolt 230 kusan kashi ɗaya cikin uku na amfiya ne, waya mai milimita 1.5 da ke bangon ta fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

An rataya. Mun haɗa sanda da kai a ƙasa, wayoyi suka bi ta cikin sanda, an zura murafu biyu masu rufe saman sanda da ƙasanta tun kafin a ɗaure. Ƙusar da ke haɗa sanda da kan fanka, da ta sama mai ratsa roba, kowacce tana da ɗan huji a baki bayan noti. Siririn fil mai ƙafa biyu ke shiga nan, a buɗe ƙafafunsa da filaya. Shi ne ƙaramin abu a cikin leda, shi aka fi yarwa, kuma shi ke hana noti kwancewa ya faɗo. Na duba biyun da idona.

Kan fanka kaɗai aka ɗaga, ba fiffike. Fiffike da ya daki tsani ko bango ya ɗan lanƙwashe, shi ke nan an sayi rawar fanka. Wayar tsaro ta ƙarfe da ta zo a jikin sanda gajera ce, an yi ta don a maƙala a ƙugiya. Mun ƙara mata wata wayar ƙarfe, muka zura ta gefen rodin, kafinta ya zagaya ta a jikin gadar ya matse da maƙalli, da ɗan sassauci. Idan ƙugiya ce ta ci amana, wayar da ke rataye a jikinta tare za su sauko.

Daga ƙugiya zuwa fiffike santimita 45, wato fiffike yana 239 daga daɓe. Ƙasa da 230 ba na yarda, balle a ɗakin da ake ɗaga hannu a sa riga ko a kaɗe gidan sauro. Sama kuma akwai kusan rabin mita, ya wadatar ta ja iska. Murfin sama na bar tazarar yatsa tsakaninsa da silin don kada ya riƙa goga.

Ta tashi a lamba 5 lafiya, iska tana sauka ƙasa. A lamba 4 da 5 kuwa tana ɗan rawa. Na kashe, na tsai da sanda a wuri ɗaya a daɓe, na riƙa juyo bakin kowane fiffike yana wucewa ta gabanta ina yin alama. Biyu sun yi daidai, na uku ya sauka da kusan santimita ɗaya. Ban lanƙwasa shi da hannu ba, na kwance shi, sai ga guntun kwali na shiryawa maƙale tsakaninsa da kai. Da aka cire aka ɗaure, rawa ta tafi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Inna ta ce, "Ɗan nan, fankarka da daddare kuka take kamar zuma ta shiga tulu." A lamba 1 da 2 take kwana, kuma gaskiyarta, akwai gunji.

Ba daga ƙugiya ba ne, domin a lamba ta ƙarshe shiru ake ji. Gunjin da ke zuwa a ƙaramin gudu ya ɓace a babba, regileta ce. Wadda ta zo a kwalin irin mai murɗawa sumul ce, ba ta da matakai, lambobin alama ce kawai. Irin wannan yanka wutar take yi gunduwa-gunduwa sau ɗari a kowace daƙiƙa, kuma naɗin wayar da ke cikin fanka yana amsa kowane yanka da sauti. Tsohuwar irin nan mai babban akwati ba ta gunji sosai, amma zafi take yi a bango, wutar da ta hana fanka wani kasonta a nan yake ƙonewa. Ta uku ita ce mai matakai, ƙas-ƙas-ƙas zuwa biyar, wadda ke sa kafasita dabam-dabam a kan hanyar wuta. Ba ta zafi, ba ta yanka wuta.

Na sayo mai matakai daga Sabon Gari, na duba an rubuta mata abin da ya haura wat 75. Ƙafa biyu ita ma, ta zauna inda waccan ta tashi. Gunji ya tafi a wutar gari da ta inbata, tunda tamu mai tsabtatacciyar wuta ce. A ƙaramar inbata mai arha fanka kan yi gunji ko da wace regileta aka sa mata, wannan kuma laifin inbata ne. Mai shagon ya so ya haɗa ni da makunnin rage hasken fitila, wai duk ɗaya ne. Na bar masa kayansa.

A lamba 1 na tsaya na tabbatar tana tashi da kanta daga tsaye, ba sai an tura ta ba. Ranar da ta fara buƙatar turi, ko lamba 5 ta koma kamar 3, kafasitar da ke kan fankar za a fara dubawa. An rubuta 2.5µF a jikinta, kuma irinta za a mayar, ba mafi girma ba don neman ƙarin gudu, domin hakan dafa naɗin waya yake yi.

Asabar, 11 ga Mayu

Na zare fallen silin na hau da sifana. Katako ya ƙara bushewa a zafin kwano, noti na ƙasa ya sake karɓar ɗan juyi, ƙasa da na wancan karo. Na matse na biyu a kansa. Wayar tsaro tana da sassaucinta, wato ba ta taɓa ɗaukar nauyi ba. Babu garin katako a kan silin a ƙarƙashin huji. Fil biyu suna nan, sukurorin fiffike shida na bi su ɗaya bayan ɗaya, biyu sun ɗan karɓa.

Na hango haske ta wani tsohon ramin ƙusa a kwano, bai fi taku ɗaya daga gadar ba. Kafinta zai zo ya toshe shi kafin ruwan farko, kuma fallen silin biyun nan da sukuru za a mayar da su maimakon ƙusa, don a sake hawa duba noti da gara bayan damina.